Wanda aka yi wa sallama ya ce "yawwa", ya amsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon ɗinki, kuma mutane suna shigowa da sallama tun safe har dare. Wani lokaci ina kan keke sai in ce "yawwa" ko "amin", wani lokaci kuma yaron shago ne yake amsawa mu kuwa mu ci gaba da aiki. Wani abokina ya ce mini duk wannan ba amsa ba ce. Mene ne ainihin ma'anar sallama, kuma yaya ake amsa ta yadda nauyi zai sauka daga kan mutum?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ɗan'uwa, abokinka ya yi gaskiya a mafi yawan abin da ya faɗa maka. "Yawwa" ba amsar sallama ba ce, haka nan "maraba", da "shigo", da "wane ne?", da "sannu da zuwa". "Amin" ita kaɗai ma ba ta isa ba, amma idan ka ce "amin, wa alaikumus salam", kamar yadda bakin mutanenmu ya saba, to ka amsa, domin lafazin da shari'a ta nema ya fito daga bakinka, "amin" ɗin kuwa ba ta ɓata komai ba. Batun yaron shago yana da bayani, kuma zan zo kansa.

Mu fara da ma'ana, domin daga ita hukuncin ya taso. Malamai sun fassara "assalamu alaikum" ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce As-Salam suna ne daga sunayen Allah, kamar yadda ya zo a Suratul Hashri, aya ta 23, saboda haka mai sallama yana cewa ne sunan Allah ya kasance tare da ku, wato ku kasance cikin tsarinsa da kulawarsa. Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud a Bukhari da Muslim: sahabbai sun kasance suna cewa a cikin zaman tahiya "aminci ya tabbata ga Allah", sai Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya hana su, ya ce Allah shi ne As-Salam. Fassara ta biyu ita ce kalmar tana nufin kuɓuta, wato addu'a ce ta Allah ya kuɓutar da ku daga kowane sharri a jikinku da addininku da dukiyarku da iyalinku, a duniya da lahira. Ibnul Ƙayyim ya tattauna waɗannan fassarori biyu, ya ga babu karo a tsakaninsu, domin mai roƙo yakan ambaci sunan Allah da ya dace da abin da yake roƙo, kamar yadda mai neman gafara yake kiran Al-Gafur.

Akwai kuma wani ɓangare na ma'anar da mutane suke mantawa, kuma shi ne ya fi shafar tambayarka. Sallama ba addu'a kaɗai ba ce, alƙawari ce ta aminci. Mai cewa "assalamu alaikum" yana shaida maka cewa ka aminta daga hannunsa da harshensa. Wannan ya sa Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 94, ya tsawatar wa waɗanda suka fita yaƙi, ya ce kada su ce wa wanda ya yi musu sallama "kai ba mumini ba ne". Idan haka ne, mutumin da ya tsaya a ƙofar shagonka ya ba ka abu biyu, addu'a da aminci, kuma yana jiran ka mayar masa da su. "Yawwa" tana nuna ka ji shi kuma ka karɓa, amma ba ta mayar masa da komai ba. "Amin" kuwa ma'anarta "Allah ya karɓa", wato ka ƙarfafa addu'ar da ya yi maka kai, shi kuwa ba ka roƙa masa komai ba.

Asalin hukuncin yana Suratun Nisa'i, aya ta 86, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya ce idan an gaishe ku da wata gaisuwa, to ku gaisar da wadda ta fi ta kyau, ko ku mayar da ita. Umurni ne, kuma bai bar wata hanya ta uku ba. A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka lissafa haƙƙoƙi biyar na Musulmi a kan Musulmi, amsa sallama ce ta zo a farko. Daga nan malamai suka ce fara sallama sunna ce mai ƙarfi, amsa ta kuwa farilla ce. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya san da wannan ya buɗe babin sallama: amsawa wajibi ce, farawa kuwa sunna ce da aka kwaɗaitar a kanta. Littafi ne da ake karantawa a zaurukan malamanmu tun da daɗewa, saboda haka ba sabon hukunci ne abokinka ya zo da shi ba.

Sallama tana da matakai uku. Imrana ɗan Husaini ya ruwaito, a wurin Abu Dawud da Tirmizi, cewa wani mutum ya zo wurin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ce "assalamu alaikum", aka amsa masa ya zauna, sai Annabi ya ce "goma". Wani ya zo ya ƙara "wa rahmatullahi", ya ce "ashirin". Na uku ya ƙara "wa barakatuhu", ya ce "talatin". Amsa ma a kan waɗannan matakai take tafiya. Idan an ce maka "assalamu alaikum", mafi ƙarancin abin da za ka ce shi ne "wa alaikumus salam", wannan shi ne mayarwa, idan kuwa ka ƙara rahama ko rahama da albarka, ka yi wadda ta fi kyau. Idan an zo maka da rahama, ka mayar da rahama ko ka ƙara albarka. Idan an zo maka da dukkan ukun, sai ka mayar da ukun ka tsaya, domin babu wani mataki a sama.

Wannan tsayawar tana da dalili. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa wani mutumin Yaman ya shiga wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya yi sallama har zuwa "wa barakatuhu", sannan ya ƙara wani abu. Ibnu Abbas ya tambayi ko wane ne, aka gaya masa, sai ya ce sallama ta tuƙe ne a kan albarka. A littafin kuma akwai labarin wanda ya yi wa Abdullahi ɗan Umar sallama ya ƙara wasu kalmomi na ado a ƙarshe, sai Ibnu Umar ya ce masa "kai ma sau dubu", kamar dai bai ji daɗin ƙarin ba. Akwai ruwayoyin da suka zo da "wa magfiratuhu", amma malaman hadisi da dama sun raunana su, kuma abin da mazhabar Malik ta tafi a kai shi ne a tsaya a albarka. Kalmar "ta'ala" da mutanenmu suke sakawa bayan "rahmatullahi" girmama sunan Allah ce, ba ta sauya ma'ana ba kuma ba ta hana amsa inganta, sai dai ba ta cikin lafazin hadisin Imrana, kuma ni na fi son a koya wa yara lafazin yadda ya zo.

To, idan an yi maka cikakkiyar sallama ka amsa da gajeriya fa? Malaman fiƙihu da yawa suna ganin farilla ta sauka da "wa alaikumus salam". Ibnu Kasir kuwa, a tafsirin ayar da ta gabata, ya ce ƙari abin so ne, daidaitawa kuwa farilla ce, kuma zahirin ayar yana tare da shi, domin ta ce mafi kyau ko irinta, ba ta ambaci ƙasa da ita ba. Kai tela ne, ka san wanda ya kawo maka yadi biyar ba ya tsammanin ka mayar masa da uku. Abin da nake ba da shawara shi ne mutum ya saba wa harshensa da cikakkiyar amsa a kullum, ta yadda ba zai tsaya lissafin abin da aka faɗa masa ba, kuma ya fita daga saɓanin baki ɗaya.

Game da siffar lafazin, amsa tana farawa ne da "wa alaikum" sannan "assalam". Risala ta halatta a mayar da "salamun alaikum" kamar yadda aka faɗa, amma ta hana a amsa da "salamullahi alaika". Ana amfani da jam'i ko da mutum ɗaya ne, domin girmamawa, kuma malamai sun ce mala'ikun da suke tare da shi sun shiga ciki. Wanda ya amsa wa mutum guda da "wa alaikas salam" bai yi kuskure ba, domin haka Annabi ya amsa wa mutumin nan da bai kyautata sallarsa ba, kuma sau uku mutumin yana dawowa yana sallama ana amsa masa. "Alaika salamu" da ake ji a bakin tsofaffinmu ke nan, kuma amsa ce ingantacciya ga namiji guda. Abin da ba a so shi ne a fara gaisuwa da ita: Abu Jurayyi Al-Hujaimi ya zo ya ce "alaikas salamu ya Rasulallah", sai Annabi ya ce masa kada ya faɗi haka, domin wannan gaisuwar matattu ce. Wanda kuma ya ce "alaikum" kawai ya yi shiru, Imamun Nawawi ya ce bai amsa ba. Idan ya ce "wa alaikum", akwai saɓani, kuma babu dalilin da zai sa mutum ya jefa kansa cikin saɓani saboda kalma ɗaya.

Bayan lafazi akwai sharuɗɗa uku, kuma a nan ne mafi yawan amsoshinmu suke faɗuwa ba tare da mun lura ba. Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya yi bayaninsu a littafinsa Al-Azkar. Na farko shi ne mai sallama ya ji amsar. Motsa leɓe, ko amsawa a zuci, ko gyaɗa kai, ba sa sauke farilla, domin amsar haƙƙinsa ce, kuma haƙƙin da bai isa ga mai shi ba ba a biya shi ba. A shagon da kekuna suke ƙara, ko janareta yake aiki, dole ne ka ɗaga murya gwargwadon yadda zai ji. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idan ka ga mutum ya sake sallama, ko ya tsaya a ƙofa yana duban fuskokinku, to amsarka ba ta kai gare shi ba. Shi ma mai sallamar wannan sharaɗi yana kansa, domin idan ya yi ta ƙasa-ƙasa ba wanda ya ji, bai cika sunna ba, kuma babu wanda amsa ta hau kansa. Iyakar ɗaga murya kuwa ita ce kada a cutar da wani. Miƙdad ya ba da labari, a Sahihu Muslim, cewa Annabi yakan shigo da dare ya yi sallama da muryar da ba ta tada mai barci amma wanda yake farke yana ji.

Sharaɗi na biyu shi ne amsa ta biyo bayan sallama nan take. Idan ka bari sai ka kai ƙarshen ɗinkin da ke ƙarƙashin allura, ko sai ka gama ƙirga kuɗi, sannan ka ɗago ka ce "wa alaikumus salam", malamai ba sa ɗaukar wannan a matsayin amsa idan ratar ta yi tsawo ba da uzuri ba. Ba a ce ka tsayar da keke ba, domin baki ba ya cikin aikin. Na uku shi ne amsa ta fito daga wanda aka nufa da sallamar.

Bari mu ɗora waɗannan a kan shagonka. A ce da azahar ne, ku biyar ne a ciki: kai kana kan keke, abokin aikinka yana yanka, wani dattijo yana zaune yana jiran kayansa, ɗaya daga cikin ma'aikatanka yana salla a kusurwa, sai kuma yaron shago ɗan shekara tara yana saka maɓalli. Wani ya ɗaga labule ya ce "assalamu alaikum wa rahmatullah". Wannan sallama ce ga jama'a, saboda haka amsa farilla ce ta kifaya, wato idan mutum ɗaya ya yi ta sauka daga kan sauran. Hujjar ita ce hadisin Aliyu ɗan Abi Ɗalib a wurin Abu Dawud, cewa ya isar wa jama'a idan za su wuce ɗayansu ya yi sallama, kuma ya isar wa mazauna ɗayansu ya amsa. Idan dattijon ya ce "wa alaikumus salamu wa rahmatullah" har baƙon ya ji, kai da mai yanka babu laifi a kanku ko da ba ku ce komai ba, sai dai ladan amsawa ya wuce ku, kuma abin da ya fi shi ne kowa ya amsa. Idan kai ka ce "yawwa", mai yanka ya ce "shigo", dattijon ya gyaɗa kai, to an yi motsi uku amma babu amsa ko ɗaya, kuma ku ukun duka kuna da laifin barin farilla. Wannan shi ne hatsarin farillar kifaya a cikin taro: kowa yana zaton wani ya ɗauke masa.

Idan yaron ne kaɗai ya amsa, malamai sun saɓa. Abin da Nawawi ya inganta a mazhabar Shafi'i shi ne nauyi bai sauka daga kan manya ba, domin yaron da bai balaga ba farilla ba ta kansa, saboda haka ba zai sauke ta daga kan waɗanda take kansu ba. Wasu malamai sun ce ta sauka idan yaron mai wayo ne. Ni dai ba na son babban mutum ya rataya farillarsa a bakin yaro. Ka bar shi ya amsa domin ya saba, kai ma ka amsa tare da shi. Idan yaron shagon naka baligi ne, kamar yadda muke kiran ɗan shekara ashirin "yaron shago", to amsarsa ta isar muku duka, kuma a wannan gaɓar abokinka ya tsananta.

Yanzu a sauya abu ɗaya. A ce baƙon ya ce "assalamu alaikum, maigida", yana dubanka. Sallamar ta zama taka kai kaɗai, amsa kuma ta zama farillar da ta hau kanka a keɓe. Ko duk shagon sun amsa, kai ba ka sauke ba sai ka buɗe baki. Haka nan idan wani mai wucewa a waje ya ji sallamar ya amsa, bai ɗauke muku komai ba, domin ba da shi aka yi ba.

Mai sallar da ke kusurwa ba zai amsa da baki ba, kuma idan ya yi da gangan yana sane da hukuncin, sallarsa ta ɓaci. A farkon Musulunci ana amsawa a cikin salla, har lokacin da Ibnu Mas'ud da abokansa suka dawo daga Habasha suka yi wa Annabi sallama yana salla bai amsa ba, daga baya ya ce musu a cikin salla akwai abin da ya shagaltar da mutum. Abin da ya rage shi ne ishara. Ibnu Umar ya tambayi Bilal yadda Annabi yake amsa wa mutanen Madina idan sun yi masa sallama yana salla a Ƙuba, sai aka siffanta cewa yana shimfiɗa tafin hannunsa, cikinsa yana kallon ƙasa bayansa yana sama. A mashahurin zance na Malikiyya, mai salla idan shi aka nufa, amsawa da ishara wajibi ce a kansa, Hanafiyya kuwa ba sa son isharar. A shagonka, tun da akwai waɗanda za su amsa da baki, shi ba sai ya yi komai ba.

Akwai wasu wurare kaɗan da amsa take jinkirta ko ta faɗi. Wanda yake biyan buƙata ba ya amsawa, domin Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa wani ya yi wa Annabi sallama yana fitsari bai amsa masa ba, kuma a hadisin Muhajir ɗan Ƙunfuz, Annabi ya bari sai da ya yi alwala sannan ya ba shi haƙuri, ya ce ba ya son ambaton Allah sai cikin tsarki. Mai kiran salla, a wurin Malikiyya, ba ya yanke kiran ko da da ishara, sai ya gama ya amsa. Wanda yake sauraron huɗubar Juma'a ba a yi masa sallama kuma ba ya amsawa, wannan shi ne mazhabar Malik da Abu Hanifa, yayin da Shafi'iyya suke ganin ya amsa. A waɗannan wurare gyaran yana hannun mai shigowa ne, ya lura da halin da mutum yake ciki kafin ya ɗora masa nauyi.

Sau da yawa a ƙofar shago mutum biyu sukan yi sallama a tare, kowa ya ce "assalamu alaikum" sai su wuce zuwa "ina wuni". Idan lafazin ya fito a lokaci ɗaya, kowannensu mai farawa ne, saboda haka kowa zai amsa wa ɗan'uwansa. Idan ɗaya ya riga ɗaya, maganar na biyun tana iya zama amsa, kamar yadda Risala ta halatta. Sannan idan baƙon ya karɓi kayansa zai fita ya sake sallama, amsa ta sake hawa kanku sabuwa, domin Annabi ya ce idan ɗayanku ya iso majalisa ya yi sallama, idan zai tashi ya yi sallama, ta farkon ba ta fi ta ƙarshen cancanta ba. Mutane sukan amsa wannan da "sai an jima" ko "a gaida gida", alhali hukuncinta ɗaya ne da ta shigowa. A ce "wa alaikumus salam" tukuna, sannan a bi da "a sauka lafiya".

Wannan ya kawo mu ga gaisuwarmu ta al'ada. Babu wanda ya ce a bar "ina kwana", da "yaya gajiya", da "sannu da aiki". Kyawawan kalmomi ne, kuma wanda ya gaishe ka da su ka amsa masa da irinsu ko waɗanda suka fi, domin malamai da dama suna ganin faɗin ayar ya haɗa da kowace gaisuwa ta alheri. Abin da ake nema shi ne jeri: sallama da amsarta a gaba, gaisuwa a baya. Ɗaga hannu ko danna ham daga kan babur ba sallama ba ne idan babu lafazi, kuma ba amsa ba ne. Idan mutumin yana nesa, ko kurma ne, sai a haɗa biyun, a furta da baki a yi ishara da hannu domin ya gane an amsa.

Saura sallamar da ta zo ta hannun wani ko a rubuce. Annabi ya ce wa Nana A'isha ga Jibrilu yana yi mata sallama, sai ta ce "wa alaihis salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu". Saboda haka idan aka ce maka wane yana yi maka sallama, amsarka ita ce "wa alaihis salam", idan mace ce "wa alaihas salam", kuma an so ka haɗa da ɗan saƙon ka ce "wa alaika wa alaihis salam". Idan kuwa abin da aka ce shi ne "wane yana gaishe ka", kuma gaisuwa ce kawai ya aiko, to "ina amsawa" da muka saba ta wadatar.

Rubutacciyar sallama ma tana da haƙƙi. Bukhari ya kawo a Al-Adabul Mufrad cewa Ibnu Abbas yana ganin amsa wasiƙa haƙƙi ne kamar amsa sallama, kuma malamai sun ce wanda takarda ta iso masa da sallama ya amsa lokacin da ya karanta. Saƙon waya da mai kaya ya turo maka yana tambayar ko an gama ɗinkinsa yana ƙarƙashin wannan hukunci. Ka amsa da baki lokacin da ka karanta, ko ka rubuta masa, kuma rubutawar ta fi, domin ita ce za ta isa gare shi. Kada ka fara da "an gama" ka tsallake sallamar. Game da "slm" da "wslm", waɗannan haruffa ne da aka yanke, ba lafazin da aka yi alƙawarin lada goma a kansa ba. Idan an turo maka "slm", ka san abin da yake nufi, sai ka mayar masa da cikakkiyar "wa alaikumus salam", ka yi wadda ta fi kyau, ba tare da ka mayar da abin faɗa ba. Idan saƙon ya shigo zauren da mutane da yawa suke ciki, hukuncin jama'a ne, amsar mutum ɗaya ta isar. A kiran waya kuwa, wanda ya ce "assalamu alaikum" a ba shi amsarsa kafin a tambaye shi wa ke magana.

Abin da ya wuce na "yawwa" da ka yi cikin rashin sani, babu ramuwa a kansa kuma babu kaffara, istigfari da gyara sun isa. Idan kuma dattijo ne ka yi wa sallama ya ce maka "yawwa, ɗana", kada ka tsaya gyara masa a gaban mutane. Nawawi ya ce an so wanda ya yi sallama ba a amsa masa ba ya yafe haƙƙinsa, kuma ya tunatar da mutumin cikin lafazi mai taushi cewa amsa wajibi ce. Ga wanda ya girme ka, ka nemi lokacin da kuke ku biyu, ko ka bar wani sa'ansa ya faɗa masa. Yaran da suke ƙarƙashinka kuwa kai ne mai koya musu, kuma abin da suka ji kana faɗa daga kan keke duk lokacin da aka ɗaga labule, shi za su riƙa faɗa. Wallahu a'alamu.